Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yarinyar da Alkama Take Ci wa Hanji

A makon jiya na tsaya a inda aka mayar da ni sashen kula da abincin marasa lafiya a Katsina. Yau zan ajiye labarin kaina, in kawo na wata yarinya da aka turo mana daga Daura, domin ciwonta irin wanda ake yawan kuskurewa ne.

Shekarunta shida, nauyinta kilo 14, alhali sa'o'inta kan kai kusan 20. Ciki ya kumbura, ƙafafu sirara, ɗuwawu sun motse fata na reto. Bayan gidanta fari-fari ne, mai yawa, mai maiƙo da ɗoyi, ba ya bin ruwa da sauƙi. Awon jininta ya nuna 8, wato ya yi ƙasa, ga shi ta daɗe tana shan maganin ƙarin jini bai ɗaga ba. An ba ta na tsutsar ciki, an duba sikila, an duba tarin fuka, babu ko ɗaya. A gida an riga an yanke cewa tamowa ce, sai aka dage da ɗura mata shayi da burodi da safe, taliya da rana, biskit a tsakani. Abin da ake ba ta don ta yi ƙiba shi ne yake ramar da ita.

Cutar ana kiranta siliyak, abin da ke tayar da ita kuma gulutin ne. Duk macen da ta taɓa kwaɓa fulawa ta san gulutin ko ba ta san sunansa ba, shi ne danƙon nan da ke sa ƙulli ya miƙe, ya riƙe iskar yis har burodi ya tashi. Furotin ne, yana cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rayi. Babu shi a gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa da acca, haka rogo, doya, dankali, wake da gyaɗa. Yauƙin kuɓewa ko danƙon tuwon rogo ba shi ba ne, kada a haɗa su.

Cikin kowa ba ya gama narkar da gulutin, akwai guntaye da ke saura. A yawancin mutane suna wucewa ba tare da wata ɓarna ba. A mai siliyak kuwa garkuwar jiki ce ke ɗaukar guntayen nan a matsayin abokan gaba, ta far musu, kuma a bangon ƙaramin hanji ake gwabzawa. Bangon nan a lulluɓe yake da ƙananan tsirai masu tsotse abinci, kamar gashin sabon tawul. Kumburi na yau da gobe yana cinye su har wurin ya koma sumul, abinci ya riƙa wucewa jiki bai amfana ba. Ɓarnar ta fi tsanani a farkon hanjin, daidai inda ake tsotsar sinadarin ƙarfe, shi ya sa ƙwayar ƙarin jini ba ta yi wa yarinyar komai ba. Mai ma ba ya tsotsuwa, sai ya fito a bayan gida, ya tafi da bitamin D da sinadarin ƙashi.

Akwai gado a ciki. Kusan duk mai cutar yana ɗauke da ɗaya daga ƙwayoyin halitta biyu, HLA-DQ2 ko HLA-DQ8, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na mutane suna da su, kaɗan ne kawai ke kamuwa. A duniya ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin ɗari. Masu cewa ciwon Turawa ne su sani cewa binciken da aka buga a 1999 kan yaran Sahrawi na Yammacin Sahara ya samu kashi 5.6 cikin ɗari, wanda yana cikin mafi yawa da aka taɓa gani. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da hannun alkama a ciki, a rubutunsa na 1950.

Da likita ya fara ambatar alkama, uwar ta ce to daga yau an daina. Aka ce mata a'a, ba yanzu ba. Wannan wurin mutane da yawa ke ɓata binciken da kansu. Gwajin jinin, wanda ake rubutawa tTG-IgA a takarda, yana neman makaman da jiki ke ƙerawa ne lokacin da yake faɗa da gulutin. In aka janye alkama na 'yan makonni sai makaman su ragu, hanji ya fara warkewa, gwaji ya fito lafiya ƙalau alhali cutar na nan. Wanda ya riga ya daina sai an mayar da shi kan alkama, kamar yanka ɗaya ko biyu na burodi kullum na kusan mako shida, kuma wahala ce da ba ta da dalili. Tare da gwajin ana auna jimillar IgA, wato ajin makaman da gwajin ke dubawa, domin wasu masu cutar jikinsu ba ya yin isasshe, sakamakonsu sai ya yi ƙarya. Lambar tTG-IgA ta yarinyar ta fito sama sosai. Aka tura ta Kano, aka zura na'ura ta baki aka tsinko 'yan ƙananan tsoka daga farkon hanji, aƙalla huɗu ake ɗauka saboda ɓarnar tsalle-tsalle take yi. Sakamako ya tabbatar.

Magani ɗaya ne, barin gulutin gaba ɗaya har ƙarshen rayuwa. Ba ƙwaya, ba allura. A ganina Bahaushe ya fi Bature samun sauƙi a nan, tunda tuwon dawa da miyar kuka, kunun gero, fura, dambun masara, shinkafa da wake, alale da faten doya duk nata ne. Abin da aka soke mata su ne burodi, taliya kowace iri har da ta 'yan makaranta, gurasa, fanke, funkaso, alkaki, dubulan, cincin, kek, biskit, dashishi, kuskus da tuwon samo, sai lemukan malt da ake yi da sha'ir. Madara ma an rage mata na ɗan lokaci, domin hanjin da ya goge ba ya iya narkar da sukarin da ke cikinta, sai nono mai tsami da ya fi sauƙi. Wannan na wucin gadi ne.

Cikin mako uku gudawa ta tsaya, yarinyar da ba ta da aiki sai kuka ta fara wasa. A wata na uku ta kai kilo 16. Daga nan sikeli ya cije, ciki ya fara dawowa.

Kakarta ce ta rako su wannan karon, ranta a ɓace.

"Malama, wallahi ko ƙyallin burodi ɗiyar nan ba ta gani ba. Ni ke tuƙa mata tuwo da hannuna."

"Na yarda, Hajiya. Ina ake niƙa dawar?"

"Injin bakin layinmu mana, inda kowa ke kaiwa."

"Ana kai alkama wurin?"

Ta yi shiru, sannan ta ce maƙwabciyarsu mai alkakin sayarwa kusan kullum sai ta kai.

Ga lissafin da ya sa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙa'idar duniya ita ce abincin da za a ce ba shi da gulutin kada ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya. Garin dawa kilo biyu da rabi, wato kusan tiya guda, iyakarsa miligiram 50 ke nan. Garin alkama kuwa kusan kashi ɗaya cikin goma nasa gulutin ne, saboda haka rabin giram, abin da za ki ɗan tsinka da yatsu, ya isa ya kai tiyar nan iyaka. Abin da ke maƙalewa a haƙoran inji da maƙogwaronsa bayan an niƙa alkama ya ninka haka sau da yawa, kuma niƙan da ya biyo baya shi ke kwashe shi. Miligiram 50 ɗin nan, in ana cin sa kullum, an nuna yana lalata hanjin mai siliyak cikin wata uku, ko da bai ji ciwon komai ba. Rashin gudawa ba shaidar lafiya ba ce.

Da muka bi sauran abincin ɗaya bayan ɗaya, sai wasu ƙofofi biyu suka fito. Ɗan waken da ake sayo mata a makaranta rabinsa fulawa ne, domin 'yan talla da yawa sun bar haɗin garin wake da rogo da kuka. Ƙosan safe kuma a kasko ɗaya ake soya shi da fanke, kuma zafin mai ba ya kashe gulutin, tunda ba ƙwayar cuta ba ce. Waina ma abar tambaya ce, akwai masu zuba fulawa ko samo a ƙullin don ta yi laushi.

Gyaran bai ci kuɗi sosai ba. Hatsinta a tsince shi a tire, a wanke, a shanya, a daka a turmin da ba a taɓa daka alkama a ciki ba, ko a kai injin da aka tabbatar ba ya karɓar alkama. Zuba ɗan hatsi a fara wanke inji da shi yana ragewa, amma ban yarda da shi ga mai wannan cuta ba. A ware mata rariya, muciya, ludayin katako da madambaci, saboda gari na ɓuya a raga da tsagar itace. Tukunyar ƙarfe da kwano kuwa wanki da sabulu ya wadatar. Man suyarta daban. Ranar da ake kwaɓa fulawa a gida, a fara gama nata a rufe, don gari na tashi a iska. Duk abin da ke cikin leda ko gwangwani, har da dunƙulen miya da garin yaji, a karanta jikinsa, in an ga wheat, barley, rye ko malt a ajiye. Daddawa da gishiri da kayan ƙamshin da aka daka a gida sun fi kwanciyar hankali.

Bayan wata shida da wannan gyara ta kai kilo 19, jininta ya hau 11, lambar tTG-IgA ta sauko ƙwarai. Lambar kan ɗauki shekara ko fiye kafin ta daidaita, shi ya sa ake maimaita gwajin, ana kuma auna tsawo da nauyi duk zuwa. Kakar ta tambaya ko tunda ta warke za a bar ta ta ci alkaki da Sallah. Amsa ita ce a'a, hanjin ne ya warke, garkuwar jikin ba ta manta ba. Aka koya wa uwar yin nakiya da shinkafar da aka daka a gida.

Likita ya kuma ce a kawo 'yan uwanta na ciki ɗaya da iyayen a gwada su, domin kusan ɗaya cikin goma na dangi na kusa kan kasance da cutar, wasu ba gudawa ba rama, sai ƙarancin jini ko gajarta kawai. Abin da gwajin uwar ya nuna, da yadda siliyak ke ɓuya a jikin manyan mata, shi za mu ɗauka a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.