Talata, Auyo: eka ko hekta

Ƙarfe huɗu aka sa mana ɗaukar shirin manoman rani, amma rubutun bai iso wayata ba sai bayan azahar. Yaron da ya sake tsara shi ya iya alƙalami, maganar ta yi santsi sosai, kuma irin wannan santsin ne yake sa ni zargi. Na samu inuwa a bayan ofishin ƙungiyar manoma, na buɗe tsohon rubutun da sabon, na saka hirar malamin gona a kunne. Duk inda na ga lamba, ko suna, ko an ce wani ya aikata wani abu, sai na ja layi.

A batun taki na fara tsayawa. Malamin cewa ya yi buhu biyu na yuriya a hekta ɗaya ta shinkafa. Sabon rubutun ya ce a eka, wai ita mutanenmu suka fi sani. Gaskiya ne, amma hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce. Buhu kilo 50 ne, yuriya kuma kashi 46 cikin ɗari sinadarin naitirojin ce, wato kilo 46 malamin yake nufi a hekta. Wanda ya bi sabon rubutun zai zuba kimanin buhu biyar a hekta, kilo 115 na naitirojin ke nan. Shinkafa ta yi ganye ta kwanta, kuɗi ya tafi, mu za a zaga. Na mayar da hekta, na ƙara da cewa mai eka ɗaya bai kai ga buhu guda ba.

Sai maganar gurɓataccen taki. A tsohon rubutu wani manomi ne ya ce yana zaton an gauraya masa da yashi. A sabon, manomin ya ɓace, saura "mai shagon da ke daura da tasha yana sayar da jabu."

Na kira yaron. Ya ce, "Yaya, ai ban ambaci suna ba."

Na ce shago nawa ne daura da tashar? Ya yi shiru. Kwatancen da kowa zai gane daidai yake da suna. Ya ce to a sa "ana zargin". Wannan ma ba ya wanke mu, domin wanda ya yaɗa ɓata suna yana da nasa kason ko da wani ya fara faɗa, kuma a dokar Penal Code laifi ne, ban da ƙarar neman diyya. Ba mu da gwajin takin, ba mu ji ta bakin mai shagon ba.

Na cire tashar da shagon gaba ɗaya, na bar koken manomin da muryarsa, sannan na sa shawarar a riƙa karɓar rasit da ajiye buhun. Sai biyar saura muka fara ɗauka, bayan an kashe injin niƙan maƙwabta.