Ku ƙirga lambobin tun takardar tana gabanku

Ƙannena masu aikin shigar da bayanai, abin da zan faɗa muku a nan Maraɗi ya same ni, lokacin da nake yi wa wata ƙungiyar manoman wake aiki. An kawo takardun sunaye 212 daga ƙauyukan wajen Madarunfa da Ɗan Isa, kowa da lambar wayar da za a tura masa kuɗinsa. Na ɗauki hoton takardun, manhaja ta ciro rubutun, na zuba a Excel, na mayar wa wakilan ƙauyuka takardunsu. Sai bayan kwana huɗu, ranar biya, na zauna duba lambobin.

Lambar waya a Nijar guda 8 ce. Da na ga wasu sun kai 11, sai na ce ai 227 ne aka sa a gaba, na yanke ukun farko na dukansu a lokaci ɗaya. Na manta cewa lambar Najeriya ma 11 ce idan an rubuta ta da sifirinta, ga shi mutanen bakin iyaka da yawa layin Najeriya suke riƙewa saboda kasuwar Jibiya. Wani dattijo lambarsa ta fara da 0809. Da na cire 080, abin da ya rage guda 8 ne masu farawa da 9, kamar lambar Nijar sak. Kuɗin wakensa suka tafi wayar wani bawan Allah da ba mu sani ba. Da ya zo ya ce mini, "Ɗana, ni ban ga komai ba," ban san inda zan sa kaina ba. Rabin kuɗin daga aljihuna suka fito.

Yanzu da zarar rubutu ya fito daga hoto, kafin in gyara ko harafi ɗaya, sai in buɗe ginshiƙai huɗu kusa da lambar. Lambar tana ginshiƙin B, wanda nake mayarwa `Texte` tun kafin in zuba ta don kada sifirin farko ya faɗi. Excel ɗina na Faransanci ne:

```
C2 =SUBSTITUE(B2;" ";"")
D2 =NBCAR(C2)
E2 =GAUCHE(C2;3)
F2 =ESTNUM(CNUM(C2))
```

Na farko yana cire tazara, na biyu yana ƙirga tsawo, na uku yana nuna ukun farko, na ƙarshe kuma yana faɗin `FAUX` idan akwai abin da ba lamba ba a ciki. Sai in jera su bisa tsawo. Masu 8 suna gefe guda. Masu 11 sai na dubi farkonsu: 227 ta Nijar ce, sifiri ta Najeriya ce, ba a taɓa ta. Mai 13 da ta fara da 234 ita ma ta Najeriya ce. Mai 7 kuwa wani abu ya faɗi, galibi a inda takarda ta naɗe, kuma ba a cike shi da zato.

Haruffan da ke shigowa sanannu ne: O a wurin 0, l a wurin 1, S a wurin 5, B a wurin 8. Kada ku share su gaba ɗaya don jerin ya yi kyau. Harafin shi ne ke nuna muku daidai inda manhaja ta yi tuntuɓe, ku je ku dubi wurin a takarda.

Lambar asusun banki ta fi son a kula. Kafin ku zuba ta, ku mayar da ginshiƙin `Texte`, domin Excel yana zubar da sifirin farko, kuma ba ya riƙe fiye da lambobi 15, sauran yana mayar da su sifiri. Abin da ya cinye ba ya dawowa ko kun canza tsarin daga baya. RIB, wato cikakkiyar lambar asusu ta bankunanmu, gurbi 24 ne: 5 na banki masu farawa da NE, 5 na reshe, 12 na asusu, 2 na mabuɗi. Asusun Najeriya kuwa 10 ne, wato daidai da tsawon lambar wayar Najeriya da ta rasa sifirinta, don haka idan kuna biyan abokan ciniki na Katsina ko Kano, kada ginshiƙan biyu su cakuɗe.

Ƙirga tsawo ba ya kama 1 da aka karanta 7, ko 3 da ta koma 8. Asusu yana da mabuɗin da banki ke gane irin wannan da shi, lambar waya ba ta da shi. Shi ya sa wakili ba ya tashi da takardarsa sai mun bi layukan da suka fito da matsala ɗaya bayan ɗaya, ina karantawa yana dubawa. Wanda kuɗinsa ke da yawa kuma, ko da lambarsa ta cika 8 cif, sai na kira na ji muryarsa kafin in tura.