Kwali biyar na tayil da na bari a takarda

A ƙarshen wannan wata zan bar kamfanin da na yi shekara 6 ina yi wa ƙiyasin kayan aiki, kuma da nake tattara tsofaffin takarduna sai na ci karo da wadda ta fi kowace ƙona mini rai. Takarda ce guda ɗaya, ta ƙiyasin tayil na falo da korido a wani gida, kuma har yanzu ana ganin inda aka soke lambar da na rubuta aka sa wata da jan biro. Waɗanda muka yi aiki tare sun san labarin sama-sama, amma ban taɓa zama na bayyana lissafin da ke ciki ba, ga shi kuwa a cikin lissafin ne kuskuren yake, nawa da na wanda ya fi ni matsayi.

Falon yana da tsawon mita 6.4 da faɗin mita 4.8, wato murabba'in mita 30.72. Koridon da ke kai wa ɗakuna kuma tsawonsa mita 7 ne, faɗinsa mita 1.3, wato murabba'in mita 9.1. Idan aka haɗa, abin ya kusa murabba'in mita 40. Mai ginin ta zaɓi babban tayil mai santimita 60 a kowane gefe, wanda guda huɗu ke zuwa a kwali, kowane kwali yana rufe murabba'in mita 1.44. Na yi yadda aka koya mini, na ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa, na sami kwali 31. Da na kai wa shugabanmu takardar, sai ya soke ya mayar da ƙarin kashi 5, kamar yadda ya saba yi duk lokacin da yake tsoron wani ɗan kwangila zai kawo ƙiyasi mai rahusa ya ƙwace aikin. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, wannan tayil babba ne, yankansa yana cin kaya.” Ya amsa da cewa shi ya fi shekara 20 a wannan sana'a kuma kashi 5 bai taɓa ba shi kunya ba. Aka sayi kwali 30, tayil 120.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, murabba'in mita yana faɗa maka girman ƙasa ne kawai, ba ya faɗa maka yadda tayil zai zauna a kanta. Falon bai ba da wahala ba. Faɗinsa ya ɗauki tayil 8 daidai, tsawonsa ya ɗauki 10 cikakku da wani yanki na kimanin santimita 40, wanda dole a yanko shi daga cikakken tayil, don haka layi 11 sau 8 ya ba da tayil 88. Koridon ne ya kayar da mu. A faɗin mita 1.3 ana iya jera tayil biyu cikakku a bar siririn yanki na santimita 10 a jikin bango ɗaya, kuma wannan shi ne tsarin da ya fi adana kaya, sai dai ba ya da kyan gani. Mai ginin ta ce ba ta son sa, tana son tayil ɗaya ya bi tsakiyar koridon, sauran biyu su kasance daidai da juna a dama da hagu. Buƙatarta ba ta da laifi, kuma duk mai sa tayil da ya san aikinsa haka zai ba da shawara. Amma idan ka cire 60 daga 130 ka raba abin da ya rage gida biyu, kowane gefe yana buƙatar santimita 35, kuma tayil ɗaya ba zai ba ka yanki biyu na 35 ba, domin biyun sun kai 70. Ke nan kowane layi yana cin tayil uku, koridon kuma yana da layi 12, jimla tayil 36. Tayil 36 sun kusa murabba'in mita 13, a kan ƙasar da girmanta bai wuce 9.1 ba. Asarar da ke wannan wuri ta haura kashi 40 cikin ɗari, mu kuwa mun tanadi kashi 5.

Daga nan kaɗai muna buƙatar tayil 124, ba a ma zo kan sikatin ba, wato siririn tayil ɗin da ake zagaye gindin bango da shi. Shi kuwa mantawa na yi da shi gaba ɗaya, kuma wannan laifina ne ni kaɗai. Bayan an cire ƙofofi, gindin bangon falo da korido ya kai kusan mita 32, wanda ke buƙatar yanki 54 masu tsawon santimita 60. Mai sa tayil mai kula ba ya yarda ya sa yankin da aka yanko daga tsakiya a matsayin sikatin, domin bakinsa na sama yana fitowa fili, ana so ya zama bakin da ya zo a goge daga masana'anta. Saboda haka tayil ɗaya yanki biyu kawai yake bayarwa masu kyau. Ragowar da aka yanke a korido da falo sun iya ba da yanki 32, sauran 22 kuma sai an yanka sababbin tayil 11. Idan aka haɗa da ɗan tanadin fashewa, gaskiyar abin da aikin ke buƙata tayil 140 ne, kwali 35. Dole in faɗi gaskiya cewa ko da an bar kashi 10 da na fara rubutawa, da ba mu tsira ba, domin kwali 31 ma bai isa ba.

Kaya suka ƙare ana saura layi uku a gama koridon. Aka koma wurin mai sayarwa aka ɗauko kwali biyar masu suna iri ɗaya da zane iri ɗaya, babu wanda ya duba lambar rukunin da ke jikin kwalin. Tayil gasa shi ake yi, kuma abin da aka gasa a lokuta dabam yakan ɗan bambanta a launi, wani lokaci har da girma da kamar milimita ɗaya, shi ya sa masana'antu suke buga lambar rukuni da ta launi a kowane kwali. A cikin kwali ba ka ganin bambancin, amma da aka shimfiɗa aka wanke, hasken ƙofa ya sauka a kai, sai ga ƙarshen koridon ya fi farkonsa duhu kamar an ja layi. Mai ginin ta ƙi karɓa, kuma tana da gaskiya. Rukunin farko ya riga ya ƙare a kasuwa, don haka aka fasa tayil ɗin koridon duka aka sake shimfiɗa shi da sabon rukuni, aka bar bambancin ya faɗa a bakin ƙofar falo inda ido ba ya kama shi sosai. Wannan ya ci ƙarin kwalaye, da sabon siminti, da ladan kwana uku na masu aiki.

An cire kuɗin daga albashina a cikin wata huɗu. Shugaban namu yana tsaye a wurin ranar da mai ginin ta nemi a daidaita tayil a tsakiyar koridon, shi ya amsa mata da “an gama, Hajiya”, kuma bai ɗaga waya ya gaya mini tsari ya canja ba. A taron da aka yi bayan haka, a gaban kowa, ya ce mai ƙiyasi ne bai iya awo ba. Takardar mai jan biro tana cikin jakata a ranar, ban fito da ita ba, kuma har yau ban tabbata shirun da na yi daidai ne ba. Awona bai yi kuskure ko da santimita ɗaya ba. Abin da na kasa yi shi ne ƙirga tayil, shi kuma abin da ya yi ya san shi.

Tun daga wannan aiki ban sake ba da ƙiyasin tayil daga murabba'in mita kaɗai ba. Nakan zana kowane ɗaki a takarda, in tambayi inda layin farko zai fara, in ƙirga tayil ɗaya bayan ɗaya a tsawo da faɗi, sa'annan in duba ko ragowar yanka za ta yi amfani a wani wuri. Idan yankin da ake buƙata ya wuce rabin tayil, na san ya cinye tayil ɗin duka. Kashi 10 yana wadatarwa a babban ɗaki mai kusurwa huɗu da ƙaramin tayil, amma wuri mai ƙunci da babban tayil, ko shimfiɗa a karkace, ko ɗaki mai lungu da ginshiƙi, ba su da wani kaso da za a dogara da shi sai an zana. Nakan kuma auna faɗin ɗaki a farkonsa da ƙarshensa, domin bango ba safai yake miƙewa yadda zanen gini ya nuna ba, kuma sikatin yana da layinsa na kansa a takardata.

Fenti ma ya koya mini irin wannan, ko da yake bai taɓa jawo mini asara mai yawa ba. Abin da aka rubuta a jikin bokiti, misali lita ɗaya ta rufe murabba'in mita 10, lissafi ne na shafi ɗaya a kan bango mai santsi wanda aka riga aka yi wa shafin farko. Bangon falon nan mai tsayin mita 3, bayan an cire ƙofofi da tagogi, ya kai kusan murabba'in mita 58, shafi biyu kuma 116, wanda a lissafin bokiti bai kai lita 12 ba. Sabuwar filasta kuwa tana shan fenti, musamman a shafin farko, don haka nakan ɗauka lita ɗaya za ta rufe murabba'in mita 7 ko 8 ne, in rubuta lita 16. Launin da aka haɗa musamman a saye shi gaba ɗaya, domin haɗi na biyu ba lallai ya yi daidai da na farko ba. Simintin manna tayil kuma yana ƙaruwa idan daɓen ba a baje yake ba, saboda haka nakan ɗora doguwar ma'auni a ƙasa kafin in rubuta adadinsa.

A shekara huɗu da suka biyo baya babu aikin da na ƙiyasta da kaya suka yanke a tsakiya, kuma a kowane gida na bar wa mai shi aƙalla kwali ɗaya na rukunin da aka shimfiɗa masa don gyaran gaba. Sau uku shugaban ya sake ɗaukar jan biro a kan takardata, sau uku ina miƙa masa zanen da ƙirgen tayil ina roƙonsa ya sa hannu kusa da lambar da ya canja. Bai sa hannun ba ko sau ɗaya, lambobina suka tafi yadda na rubuta su. Wanda zai gaje ni na bar masa zane-zanen duka a cikin fayil, har da na wancan korido.