Inshorar gini daban, ta kayan cikin gida daban

Ƙaramin ofishin dillancin inshora nake da shi a Agege, kuma yawancin masu zuwa wurina mutanenmu ne na Agege, Idi-Araba da Mile 12, waɗanda suka yi shekaru suna tara kuɗi har Allah ya ba su gidan kansu a Legas. Kusan kowa da magana ɗaya yake shigowa: “Malam, so nake a yi wa gidana inshora.” Ni kuma sai na tambaye shi, ginin yake nufi ko abin da ke cikin ginin? A wurin kamfani waɗannan abubuwa biyu ne, kowanne da adadin kuɗinsa, ko da a takarda ɗaya aka rubuta su. Wanda bai san haka ba yakan sani ne ranar da gobara ta riga ta ci.

Gini shi ne bango, rufi, silin, ƙofofi da tagogi, tayil, wayoyin wuta da ke cikin bango, bututun ruwa, kwanon wanka da na bayan gida, da kabad ɗin kicin da aka kafe. Kayan ciki kuwa su ne duk abin da za ka loda a mota ranar da za ka tashi daga gidan: gado, katifa, kujeru, kafet, firji, talabijin, tufafi, tukwane. Wannan ma'auni yana raba yawancin kaya, amma akwai waɗanda ke tsakiya, kuma a kansu ake yin gardama bayan asara. Na'urar sanyaya ɗaki a bango take, amma ana cire ta a tafi da ita. Faifan sola yana kan rufi, inbata da baturansa suna cikin ɗaki. Janareta yana tsakar gida, ga famfon burtsatse da tankin ruwa, ga katanga da get. Kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan waɗannan ba, shi ya sa ba na barin kowa ya sa hannu sai an rubuta kowannensu da sunansa da kuɗinsa, an kuma nuna ɓangaren da ya faɗa. A yau kayan sola kaɗai suna iya fin duk kujerun falo tsada.

Inda aka fi yin kuskure shi ne adadin da ake sa wa ginin. Abin da ake nema shi ne kuɗin sake gina shi a farashin yau, da kuɗin kwashe ɓaraguzai da ladan masu zane da injiniya. Kuɗin fili ba ya ciki, domin wuta ba ta cin fili. A Legas kuwa, sau da yawa filin ne ke ɗaga darajar gida. Wanda ya rubuta farashin da za a sayi gidansa yana biyan kuɗin shekara a kan abin da ba za a taɓa biyansa ba. Wanda kuma ya rubuta abin da ya kashe shekarun baya, lokacin da siminti da rodi ke da sauƙi, nasa ya fi muni.

Ga yadda lissafin yake. A ce wani Alhaji yana da gida mai ɗaki huɗu, wanda sake gina shi yau zai ci naira miliyan 40, amma ya yi masa inshorar miliyan 20 domin a nan ya tsaya tun shekarar da ya tare. Kayan ciki bai sa su ba sam. Wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, waya ta kama a cikin silin, rufin falo da ɗakuna biyu suka ƙone. Mai kiyasta asara da kamfani ya turo ya ce gyaran gini zai ci miliyan 10. Alhaji zai ɗauka tunda miliyan 10 ba ta kai 20 ba, za a biya shi duka. Ba haka ba ne. A takardar akwai sharaɗin da ke cewa idan ka rage darajar dukiyarka, kai ne ka ɗauki nauyin ragowar. Rabin darajar ya yi wa inshora, don haka rabin asarar za a ba shi, miliyan 5, a kuma cire ɗan kason farko da aka rubuta cewa mai gida ne ke ɗauka a kowace asara. Kujeru, talabijin, gadon Hajiya da akwatunan tufafinta, a ce na miliyan 6, ko kwabo ba za a ba shi a kansu ba, duk da cewa wuta ɗaya ce ta cinye su da rufin. Asarar miliyan 16, abin da ya shigo hannu bai kai 5 ba. Irin wannan ranar ce ke sa mutum ya ce inshora yaudara ce, kuma ba na ganin laifinsa idan babu wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani tun farko.

Saboda haka duk shekara, kafin sabuntawa, ina matsa wa mutanena su nemi mai kiyasin gini ya faɗi kuɗin sake ginin, ko aƙalla su tambayi maginin da suka yarda da shi.

Kayan ciki kuma aikinsu na haƙuri ne, kuma a gidajenmu ba ya yiwuwa sai da matar gida. Maigida zai faɗa maka kuɗin talabijin da janareta, amma kayan ɗaki nata ne, ita ta san atamfa nawa ke cikin akwati da abin da iyayenta suka jera mata. Nakan ce, “Alhaji, a ba Hajiya takardar nan ta bi ɗaki-ɗaki ta rubuta, a ɗauki hoto da waya, rasit ɗin da aka samu a ajiye shi a wani wuri daban.” Sai a duba yadda za a biya: wasu takardun suna biyan kuɗin sabon kaya, wasu suna cire tsufa, ta yadda firjin da ya yi shekara shida ba za a biya shi a farashin sabo ba. Gwal yana da iyakar abin da ake biya a kansa sai an bayyana shi daban, tsabar kuɗi kuwa galibi ba ta ciki ko kuma kaɗan ce ƙwarai. Sata ma tana da sharaɗi: yawanci sai an ga alamar fasa ƙofa ko taga, tare da rahoton 'yan sanda.

Abu biyu sun shafi mutanenmu musamman. Ɗan kasuwar da ke ajiye buhunan shinkafa ko dilar yadi a ɗakin baya ya sani cewa hajar sayarwa ba kayan gida ba ce, tana buƙatar tata inshorar, kuma ɓoye ta na iya lalata sauran. Mai gidan haya kuma, inshorar gininsa ba ta taɓa kayan 'yan haya. Kowannensu shi zai yi wa nasa. Ambaliya ma, wadda ruwan Yuni da Yuli ke kawowa unguwanni masu kwari, a tabbatar an rubuta ta a ɓangarorin biyu, domin ruwa yana cin katifa da firji fiye da yadda yake cin bango.

Masu ƙyamar inshora saboda addini ina nuna musu takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, wanda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, kuma akwai kamfanonin da ke yin sa a nan Legas. Tsarin kuɗinsa ya bambanta, amma rabon gini da kayan ciki yana nan yadda yake, kuma fom ɗinsa ma zai nemi adadi biyu. Duk wanda mutum ya zaɓa a cikin biyun, kariya ba ta fara aiki sai kuɗi sun shiga hannun kamfani, don haka ya karɓi rasit da takardar yarjejeniyar a hannunsa.