Na ba kaina 38, Malam ya ba ni 21

Ƙannena da ke shirin zama WASSCE, musamman ku 'yan Nima da Mamobi da Sabon Zango, ina so in ba ku labarin wata wasiƙa da na rubuta da hannuna, domin ita ta nuna mini dalilin da ya sa na fito da D7 a Turanci a zamana na farko. Wanda ya taɓa neman shiga jami'a a Ghana ya san ciwon D7, tunda C6 ake nema, sai ka ga taki ɗaya ya zaunar da kai shekara guda a gida.

Ina ajin share fagen sake jarrabawa a nan Ankara lokacin da malaminmu ya raba mana takardar ma'aunin maki, ya ce kowa ya rubuta insha'i a gida, ya yi wa kansa maki kafin ya kawo. Ma'aunin na WAEC ne, maki 50 a gida huɗu: ƙunshiya 10, tsari 10, iya sarrafa harshe 20, ƙa'idojin rubutu 10. Tambayar ita ce a rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa kan matsaloli uku na unguwa, a kuma ba da shawarar yadda za a magance su, cikin kalmomi kamar 450.

Na rubuta kan kwata mai cika da ruwan sama, da shara, da samari marasa aikin yi. Ina ajiye biro na karanta sau ɗaya, na ji daɗin abina, na ba kaina 8 da 8 da 15 da 7. Jimla 38. Takarda ta dawo daga hannun Malam da 21, ta yi jawur da jan biro. Na same shi bayan an tashi, raina a ɓace. Ya zaunar da ni a benci ya ce, "Ɗana, ka ba ƙunshiya 8. Ɗora mini yatsanka a kan layin da ka ba da shawara game da shara." Na bi shafin sama da ƙasa, yatsana yana yawo, babu inda zai sauka. A cikin kaina shawarar tana nan, na san abin da nake nufi, amma ban rubuta ta ba.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya fi cin mutane. Idan ka karanta rubutunka yana da zafi, abin da ka yi niyyar faɗa kake ji, shi kuwa mai yin maki abin da ke kan takarda kawai yake gani. Tambayar tana da buƙatu shida, matsala uku da magani uku. Na kawo matsalolin duka, amma kwata kaɗai na yi wa magani, shi ma a jimla ɗaya. Shi ya sa ƙunshiya ta tsaya a 5. Tun daga ranar, kafin in yi wa kaina maki sai na ja layi a ƙarƙashin kowace buƙata a cikin tambayar, in ba ta lamba, sannan in nemi kowace lamba a cikin rubutun in rubuta ta a gefen shafi. Lambar da ba ta sami wurin zama ba, makinta ya tafi, komai daɗin sauran.

Tsari bai ɗauke mu lokaci ba. Wasiƙar hukuma tana son adireshin mai rubutu da kwanan wata, adireshin wanda ake rubuta wa, gaisuwa, kanun magana, sannan rufewa da sa hannu da cikakken suna. Na manta kanu, na kuma cusa shara da rashin aiki a sakin layi ɗaya. Nan ma 5. Gwajin da nake yi yanzu shi ne in rubuta kalma biyu a gefen kowane sakin layi da ke faɗin abin da yake magana a kai. In kalma biyu sun kasa, akwai magana biyu a ciki, sai a raba.

Inda jikina ya yi sanyi shi ne ƙa'idojin rubutu. Na ba kaina 7 ne don ina ganin Turancina ba laifi. Ashe wannan gida ƙidaya ake yi masa. Kowane kuskure na nahawu, ko na rubuta kalma, ko na alamomin rubutu, ana zagaye shi a cire rabin maki. Kuskure 20 ya cinye makin 10 ɗin kaf. Malam ya sa na ƙirga zagayen da ya yi da bakina, muka sami 26. Sifili ke nan tun kafin in kai ƙarshen shafi na biyu.

Sai ya ce in kasa su kashi-kashi. Guda 11 na lokacin aikatau ne, in fara labarin ambaliyar bara da shuɗaɗɗen lokaci, in zame zuwa na yanzu a tsakiyar jimla. Guda 7 harafin "s" ne da nake yarwa a ƙarshen aikatau idan mai aikin ɗaya ne. Guda 5 waƙafi ne da na sa a inda ya kamata aya ta raba jimloli biyu cikakku. Sauran 3 ƙaramin harafi ne a farkon sunan wuri. Ku duba da kyau: 23 cikin 26 cuta uku ce kawai take maimaita kanta. Da na gane haka sai na daina haddace manyan kalmomi, na koma farautar waɗannan ukun. Nakan fara daga jimlar ƙarshe in hau sama, ɗaya bayan ɗaya, da rula a ƙarƙashin layi, domin idan ka karanta a juye labarin ba ya jan ka, ido yana tsayawa a kan kowane aikatau.

Gidan sarrafa harshe kuwa, mai maki 20, gaskiya shi ne wanda mutum ba ya iya auna wa kansa daidai. Na ba kaina 15, na sami 11. Abin da za ka iya kamawa da kanka shi ne kalmar da ka maimaita sau biyar a shafi ɗaya, da jimlar da numfashinka ya ƙare kafin ta ƙare idan ka karanta da ƙarfi, da gajarce-gajarcen hirar waya da bai dace da wasiƙar hukuma ba. Amma kalmar da ka ɗauka daidai ce alhali ba haka Bature ke amfani da ita ba, ba za ka gan ta ba ko ka karanta sau goma. A nan sai ka nemi wani idon, malami ko abokin karatu da ya fi ka.

Yadda na koma yi shi ne in rubuta cikin minti 50 da agogo a gabana, in rufe littafin kwana biyu, sannan in karanta sau huɗu, kowane karatu da gidansa guda, ba na haɗa biyu. Duk makin da zan ba kaina sai na iya ɗora yatsa a kan hujjarsa, in kuwa ina shakka tsakanin 6 da 7, na ƙasa nake ɗauka. A bayan littafin na ja jadawali, kowane insha'i da adadin zagayensa: 26, sai 19, sai 14, sai ya sake hawa 17 a makon da na rubuta labari, saboda lokacin aikatau ya dawo mini. A insha'i na bakwai na ƙirga 9, na ba kaina 32, na kai wa Malam, ya dawo mini da shi da 31.