Laraba, a kan man shanu

Yau wata bakwai cif da zuwan Auta, ƙanwar maigida, gidan nan. Zaman jego aka turo ta taya ni, a kan za ta koma in na yi arba'in. Ga yaro har ya fara zama, babu wanda ya sake tayar da zancen, ni kuma ba bakina ne zai fara ba.

Da la'asar na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuka. Naman rabin kilo ne, yanka tara ya bayar, na zaɓi uku masu tsoka na sa a kular maigida, wadda ke cikin kayan kicin ɗin da iyayena suka yi mini. Na shiga yi wa yaro wanka. Kafin in fito ya dawo daga masallaci, ita kuwa har ta shimfiɗa masa ledar cin abinci, ta buɗe kular, ta kwarara man shanu a kai, ta ajiye yaji a gefe.

"Anti, Yaya ba ya shan kuka babu man shanu. Haka Hajiya ta saba masa."

Shekara huɗu ina dafa wa mutumin nan. Da gangan na daina sa masa man, tun da aka ce jininsa ya hau, kuma a gabanta aka faɗa. Amma ba man ne ya ƙona mini rai ba. Wanke-wanke da shara ba na ƙin ta taya ni, zuba wa miji abinci kuwa nawa ne. Shi ko sai loma yake, wai shi bai ga komai ba.

Sai bakina ya kuɓuce. Na ce, "In kin yi naki gidan, kya zuba wa naki mijin yadda kike so."

Falon ya yi tsit. Bara aka fasa aurenta, har lefe aka mayar, akwati huɗu. Ban manta ba, kuma ta san ban manta ba. Ta miƙe ta shige ɗaki, ko ƙofa ba ta buga ba. Da ta buga ma da ya fi mini sauƙi.

Bayan isha'i Hajiya ta kira. Ba ta yi faɗa ba, ta tambayi jikanta, sannan ta ce, "Auta dai amana ce a hannunki." Na ce to, Hajiya. Maigida ya zo da tasa, wai ni ce babba, in yi haƙuri. Ta girme ni da shekara guda fa, aure ne kawai ya mayar da ni Anti.

Tuwonta na nan inda na ajiye a ƙofar ɗakinta, ba ta taɓa ba. Na rufe shi da faranti saboda kyanwa. Sau biyu na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, yaro ya farka da kuka na dawo.