Yadda na rubuta bayanin shaida kan buhun taki 40 da suka ɓace a sitonmu

Sitonmu na taki yana Jega, kuma daga ƙarshen shekara, da masu noman rani na fadamun Argungu da Suru sun fara neman yuriya, ba ma samun sararin zama. A irin wannan lokacin ne odita ya zo ƙidaya ranar Alhamis. Katin kaya ya nuna akwai ragowar buhu 150, tirela ta kawo 600 ranar Litinin, an fitar da 300 Talata da 170 Laraba, ke nan ya kamata a tarar da 280. Da aka ƙirga sai 240. Buhu 40 masu kilo 50, tan biyu cur, babu su. Kamfani ya kafa kwamiti, aka ce duk wanda ke da hannu a aikin sito ya rubuto abin da ya sani.

Ni mataimakin mai kula da sito ne. Na fara da sunana, aikina, wanda nake ƙarƙashinsa, da cewa ba na riƙe makulli. Daga nan na bi kwanakin a jere, ban fara da ranar da asiri ya tonu ba, domin wanda ya fara da Alhamis zai rubuta Litinin ne da zargin da ya riga ya shiga ransa.

Kafin in ɗora biro na nemi abin da zai tsayar min da lokaci. Wayata ta nuna direban tirela ya kira ni 10:40 ranar Litinin yana bakin ƙofa. Sauran kuma na jingina su da salla, don a sito ba mai duba agogo, amma kowa ya san inda yake sa'ad da ladan ya kira. Ga yadda sashen Litinin ya fito:

"Da misalin 11:00 na ga an kwance tamfol, igiyoyinsa ba a yanke suke ba. 'Yan dako shida suka fara sauke kaya, kowane buhu ɗan dako ya miƙo min tsinke ɗaya. Da misalin 1:30 na ƙirga tsinke 420, na miƙa wa mai kula da sito, na tafi alwala. Da na dawo daga masallaci ban tarar da tirela ba. Mai kula da sito ya ce min kaya sun cika 600. Ni ban ƙirga sauran 180 ba, kuma ba ni na sa hannu a wayabil, wato takardar rakiyar kaya, ba."

A nan aikin yake. Abin da idona ya gani daban, abin da aka faɗa min daban tare da wanda ya faɗa, abin da na karanta a takarda shi ma daban. Da na rubuta "an sauke buhu 600" kawai, kamar yadda muke magana kullum, da na zama shaida a kan buhu 180 da ban taɓa gani ba, kuma ba wanda zai san wa ya ƙirga su. Haka na bi Talata da Laraba, su kam a taƙaice, tunda kowace fita da takardarta kuma a gabana aka yi lodi.

Wani abokin aiki ya matsa min in saka cewa maigadi ya sayi sabon babur. Ban saka ba. Ban san da kuɗin me ya saya ba, kuma mutumin yana da gonar albasa a Aliero.

A gaban kwamiti shugaban ya ce, "Malam, a ganinka wa ya kwashe?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da na gani yana cikin takarda. Wanda ya kwashe ban gan shi ba."

Su da kansu suka haɗa lissafin. Littafin ƙofa ya nuna tirela ta fita 2:20. Mutum shida sun ci awa biyu da rabi kan buhu 420, to a minti 50 da wannan tafiyar abin da za su sauke bai wuce 140 ba. Wannan ba hujjar sata ba ce, 'yan dako kan ƙara sauri idan sun hango ƙarshen aiki, amma ya mayar da hankalin kwamiti daga dare da maigadi zuwa abin da ya faru tsakanin 1:30 da 2:20.

Sakataren kwamiti ya buga bayanin da Turanci, na ce sai ya karanta min jimla-jimla ya fassara. A wuri ɗaya ya mayar da "da misalin" ya zama lokaci tsayayye, na sa ya gyara, muka sa hannu a gefen gyaran. Na sa hannu da kwanan wata a kowane shafi, na ja layi a filin da ya rage a ƙasa don kada a ƙara komai, na karɓi kwafina. Washegari kwamiti ya aika a kira direban da shugaban 'yan dako.